Wasiƙar neman tallafin karatu: yaya zan faɗi rashinmu ba tare da na yi bara ba?

Malama, barka da aiki. Na gama lisansi a fannin noma a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, kuma wata gidauniya ta buɗe tallafin karatun masta a waje. Sun ce a rubuta wasiƙar da ba ta wuce kalma 600 ba, mutum ya bayyana halin rashin da yake ciki, ya kuma nuna cewa zai iya jagoranci. Babana ya shekara ashirin yana ci-rani a Abijan, ya dawo gida da ciwon ƙafa, yanzu innata ce ke riƙe da mu da sayar da abinci, sai abin da wana ke ɗan aikowa. Na rubuta, na karanta wa ƙawata, ta ce kamar mai bara a ƙofar masallaci. Da na cire maganar rashin kuma sai ta zama kamar ba na bukatar komai. Jagoranci kuwa ban taɓa riƙe muƙami ba. Ga abin da na rubuta na haɗo miki, ki taimake ni.

Wata ɗaliba daga Tawa

Ƙanwata, na karanta shafi biyun da kika haɗo, kuma ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, sai dai ba maganar rashin ce ta jawo haka ba. Abin da ya jawo shi ne kin bayyana yadda rashin yake miki a zuci, ba ki bayyana girmansa ba. Kin rubuta "muna cikin matsanancin talauci", kin rubuta "ku ne gatana bayan Allah", kin rubuta "don Allah ku tausaya mini" har sau uku. Mai karanta dosiye yana da tarin wasiƙu a gabansa, kusan kowace da irin waɗannan kalmomi, kuma ba zai iya gwada tausayi da tausayi ya ce wannan ya fi wancan ba. Abin da zai iya gwadawa shi ne lissafi: nawa karatun zai ci, nawa gidanku ke samu, nawa kika iya haɗawa, nawa ya rage. Ragowar nan ita ce bukatarki. Idan kin sa ta a takarda da alƙaluma, ba sai kin roƙi kowa ba, don shi da kansa zai ga ramin.

Ki ɗauki kanki kamar mai neman jari a wajen babban ɗan kasuwa. Mai neman jari ba ya kuka a bakin shago. Yakan ce ga hajar, ga abin da na zuba, ga abin da ya rage mini, ga abin da na taɓa juyawa a baya. Masu irin wannan tallafi ma haka suke kallon kuɗinsu. Shirin Gidauniyar Mastercard, wanda ya fara a 2012 kuma yake aiki da makarantu irin su 2iE ta Wagadugu, abu uku yake aunawa tare: ƙoƙarin karatu, rashin hali, da alamar cewa mutum zai koma ya amfani mutanensa. Taki gidauniyar da ta tambayi rashi da jagoranci a wasiƙa ɗaya, wannan hanyar take bi.

To mu fara da lissafin, tun kafin ki rubuta jimla ko ɗaya. Ki samu innarki a lokacin da ta sauke tukunya hankalinta ya kwanta, ki zauna da ita da biro da takarda. Kada ki tambaye ta nawa take samu a wata, ba za ta iya faɗa miki ba, kuma ba don ɓoyewa ba, mai sayar da abinci a yini take lissafi. Ki tambaye ta nawa take zubawa a cefane da safe, nawa take tashi da shi da yamma, kwana nawa take fita a mako. Sannan ki kula da abu ɗaya da ke rikita takardun ƴaƴanmu da yawa: innarki da dala take ƙirge, takarda kuma da tamma ake rubuta ta. In ta ce miki ribarta ɗari uku ce a yini, sefa 1,500 ke nan, ba 300 ba. Ki ninka da biyar kafin ki rubuta. Ɗalibin da ya manta da wannan sai ya rubuta kuɗin shigar da ko akuya ba za ta rayu da shi ba, mai karatu kuma ya ɗauka ƙarya ce ya shirga, alhali kuskuren ƙirge ne. Abin da wanki ke aikowa kuwa yana da sauƙin tabbatarwa, tunda ta Nita ko Amana ko makamantansu yake zuwa: ki duba rasit ko saƙonnin waya na wata goma sha biyu, ki tara. Gonar gero ma ki sa ta, ba da kuɗi ba, da watannin da take ciyar da gidan.

Bari in nuna miki yadda sakin layin zai fito. Alƙaluman nawa ne na misali, ki maye su da naki na gaskiya:

"Mu takwas ne a gidanmu. Mahaifina ya daina aiki a 2022 saboda rashin lafiya. Tun lokacin, gidan yana tafiya ne da abin da mahaifiyata ke samu wajen sayar da abinci, kimanin sefa 40,000 a wata, da abin da wana ke aikowa daga Abijan, wanda a bara ya kai 250,000. Jimilla kimanin 730,000 ke nan a shekara, sai geron gonarmu da ke kai mu wata biyar. Shekara ɗaya ta wannan masta za ta ci 1,300,000: kuɗin makaranta 600,000, ɗaki da abinci na wata goma 550,000, mota da littattafai da aikin bincike 150,000. Na tara 120,000 daga darasin da nake ba yara da yamma, kawuna kuma ya ɗauki nauyin 80,000. Abin da ya rage 1,100,000 ne, kuma shi nake nema."

Ki duba da kyau, babu kalmar talauci a ciki ko ɗaya. Amma duk wanda ya karanta ya ga cewa karatun shekara ɗaya ya kusa ninka abin da mutum takwas ke rayuwa da shi. Ki kuma lura da 120,000 ɗin nan. Ɗalibai da yawa sukan ɓoye ɗan abin da suka tara, suna tsoron kada a ce ai tana da hali. Kuskure ne. Wannan ƴar jimlar ita ce ke raba ki da mai bara, don tana nuna kin fara cike ramin da hannunki kafin ki kira wani. Haka in kin taɓa samun tallafin gwamnati ta hanyar ANAB a lokacin lisansi, ki faɗa, ki ce ya ƙare da ƙarewar karatun. Wanda wani ya taɓa zaɓa ya ba shi tallafi kuma ya gama karatunsa lafiya, darajarsa ƙaruwa take a idon mai zaɓe na biyu.

Maganar babanki kuma, a nan ne na fi son ki tsaya ki yi tunani. A rubutunki kin ba ciwon nasa kusan rabin shafi: yadda ƙafar ta kumbura, yadda ake ɗaukarsa zuwa likita, yadda kika same shi yana hawaye da dare. Na san ba don cin fuska kika rubuta ba, abin ne ya tsaya miki a rai. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana ciyar da gida daga ƙasar wasu ya cancanci sutura, kuma masu karatun ba su bukatar hawayensa don su yanke hukunci. Jimla ɗaya ta ishe su: yaushe ya daina aiki, kuma me ya sa. In akwai kuɗin magani da ke fita kowane wata, ki sa shi a lissafi a matsayin adadi, shi ke nan. Kuma ki karanta masa jimlar kafin ki aika. Wasu gidauniyoyin sukan kira waya, wasu ma har gida sukan aika a duba, bai kamata ya ji labarin kansa daga bakin baƙo ba. Wannan dubawar ita ce kuma dalilin da ba za ki ƙara gishiri ko kaɗan ba. Idan takardar shaidar rashin hali da kika karɓo daga ofishin magajin gari ta ce ku takwas ne, wasiƙa ta ce goma sha biyu, dosiyen ya mutu a nan, komai kyawun makinki.

Yanzu jagoranci. Kin ce ba ki taɓa riƙe muƙami ba, sai kika cike gurbin da "ni mace ce mai hazaƙa, mai kishin ƙasa, mai son ci gaban al'umma". Wannan kowa zai iya rubuta shi, har wanda bai taɓa ɗaga tsinke ba. Amma can ƙasan shafi na biyu, a layi biyu kacal, kamar kina jin kunyar faɗa, kin ce kina riƙe wa matan ƙauyen innarki na wajen Tamaske littafin asusunsu, kuma kin taɓa shawo kansu suka ajiye albasa a rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, maimakon su sayar da ita a bakin gona. Ƙanwata, wasiƙarki gaba ɗaya tana cikin layi biyun nan, kin binne ta.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da ke faruwa da albasa. Ana cire ta a watan Maris da Afrilu, kowa ya fito da tasa lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, manomi ya sayar dole don bashi na jiran sa. Wanda ya iya riƙe ta zuwa damina sai ya sayar da tsada, in ruɓa ba ta cinye masa ba. To shawo kan matan da ke da bukatar kuɗi yau su haƙura zuwa Agusta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya fi muƙamin sakatariyar kulob da ba a taɓa yin taro ba. Amma mai karatunki wataƙila bai taɓa ganin rudu ba, bai san Tamaske ba, don haka sai kin shimfiɗa masa: me ya lalace, me kika yi da kanki, wa ya ƙi, yaya kika yi da shi, me ya fito a ƙarshe. Ga misali, nan ma ki ɗauko adadin daga littafin asusun:

"A 2023 na fara riƙe littafin wata ƙungiyar asusu ta mata 18 a ƙauyen mahaifiyata. Daga littafin na gane cewa duk shekara suna sayar da albasarsu a makon da aka cire ta, buhu a kan 9,000. Na kawo shawarar mu ajiye buhu 60 a rumbun albasa na gargajiya. Mata biyar suka ƙi, saboda suna da bashin da za su biya a watan. Na nemi ƙungiya ta ranta musu daga asusu, suka shigo. Na tsara yadda za a bar albasar ta bushe kafin a shigar da ita, da yadda mata biyu za su riƙa tsince wadda ta fara ruɓa duk mako. Buhu 14 ya lalace. Sauran 46 mun sayar a Agusta a kan 22,000. Bayan cire 70,000 na gina rumbun, ƙungiya ta samu 942,000 a maimakon 540,000."

Akwai abubuwa biyu a nan da na san hannunki zai so ya goge. Na farko matan nan biyar da suka ƙi. Kada ki goge su, su ne shaidar jagorancin. In kowa ya yarda tun farko, ai ba ki jagoranci kowa ba, kin bi sahu ne. Yadda kika gane cewa ƙin nasu ba taurin kai ba ne, bashi ne, kika nemo masa mafita daga cikin asusun, shi ne abin da mai zaɓe ke farauta. Na biyu buhu 14 da ya ruɓe. Shi ma ki bar shi. Labarin da babu asara a cikinsa ba wanda ya san noma da zai yarda da shi, kuma buhunan nan su ne gadar da za ta kai ki ga abin da kike nema. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya lalace a hannunki, ba ki iya hana shi ba da ilmin da kike da shi yanzu, kuma karatun da kike son yi a kan adana amfanin gona bayan girbi shi ne zai ba ki abin da ya rage. Kin ga a nan rashin kuɗi da jagoranci sun haɗu a wuri ɗaya: aiki ne kika fara, ya tsaya a wani mataki, kuɗin nan ne zai ɗaga shi. Ki rubuta wannan a jimla biyu ko uku, ki faɗi darasin da kike so a cikin tsarin karatun nasu da sunansa, don su san kin karanta, ba aika wa kowa da kowa kike yi ba.

Na san abin da ke damun ki a nan, don an tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, ɗiya mace kuma an fi matsa mata. Shi ya sa a layi biyun naki kika ce "an yi", "aka ajiye", kamar aljanu ne suka yi aikin. Faɗin abin da kika aikata ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Yabon kai shi ne "ni haziƙa ce". Rahoto shi ne "na riƙe littafi, na kawo shawara". Ki sa "na" a inda hannunki ne ya yi, ki sa "mun" a inda ƙungiya ce ta yi, kada ki ci haƙƙin matan, kada kuma ki ci naki. Yabon kuwa ki bar wa malamin da zai rubuta miki takardar shaida, aikinsa ke nan. Ki kai masa kwafin wasiƙarki da wuri don abin da zai faɗa ya yi daidai da naki, in da hali ma shugabar asusun ta sa hannu a ƴar takarda mai tabbatar da adadin. In ƙungiyar taku irin ta Mata Masu Dubara ce, wadda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan Nijar a 1991, ki faɗi haka, don masu aikin raya karkara a ƙasashe da dama sun san tsarin, zai rage miki bayani.

Sai abin da za ki yi in kin dawo. Kin rubuta cewa za ki "kawar da yunwa a Nijar". Ki sauko ƙasa. Alkawarin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya yana sa a yi shakkar sauran maganarsa. Ki faɗi abin da ya yi daidai da sawunki: cewa kina son gwada hanyoyin busarwa da shigar iska a rudu tare da ƙungiyoyin mata uku ko huɗu na yankin, ki auna asarar kowace hanya, ki kai sakamakon ga ma'aikatan gona da ƙungiyoyin manoman albasa. Wannan ana iya hango shi, ana iya tambayar ki shi a ganawa ki amsa ba tare da inda-inda ba.

Jerin kuma ki juya shi. Yanzu kin buɗe da ciwon babanki, don haka duk abin da ya biyo baya da idon tausayi ake karanta shi. Ki buɗe da jimla biyu masu faɗin ko ke wace ce, me kika karanta, da wane maki, me kike nema. Sai albasa, ita za ta ci kaso mafi girma, wajen kalma 200. Sai gadar da ke kai wa ga karatun, sai lissafin kuɗi a kalma 130 ko ƙasa da haka, sai abin da za ki yi bayan dawowa. In aka bi haka, lokacin da mai karatu zai iso ga 1,100,000 ɗin ya riga ya san wadda ke nema. Idan kuma fom ɗin nasu yana da shafi dabam na kuɗin shigar gida, ki rage lissafin wasiƙar zuwa jimla uku, amma adadin ya zama iri ɗaya a ko'ina, har sifili.

Tunda da Faransanci za ki aika, ki yi hattara da doguwar gaisuwar nan ta neman alfarma da aka koya mana a lakwal, wadda ake buɗe takardar da ake manna wa tambur a kai ofis. Tana da wurinta a takardun gwamnati, amma a nan layi uku za ta cinye miki, kuma za ta sa ki durƙusa tun kafin ki fara magana. Gaisuwa gajera ta isa. A ƙarshe ma godiya ɗaya, da cewa kina shirye ki kawo takardun shaida in an bukata. Addu'ar da kika jera musu a ƙasa ki yi ta a kan sallayarki, za ta fi isa.

In kin gama, ki koma wajen ƙawar nan taki, tunda ba ta jin nauyin faɗa miki gaskiya. Ki karanta mata sau ɗaya, ki kife takardar, ki yi mata tambaya biyu: nawa nake nema, kuma me na yi a Tamaske? In ta amsa duka biyun ba tare da ta leƙa ba, wasiƙar ta yi. In ta ce "ai kin ce kuna shan wahala", akwai sauran aiki. Bayan haka ki bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda wata ɗaliba daga Maraɗi ko Damagaram za ta iya kwafa ta sa a tata wasiƙar ba tare da ta canza komai ba, ki cire ta. Sannan ki ba wani malamin Faransanci ya duba miki nahawu kawai, ki gaya masa kada ya ƙawata miki. Takardar magajin gari da rasit ɗin wanki kuwa ki fara nemansu tun wannan makon, don su ne ke ɗaukar lokaci, kuma ki loda dosiyen kwana uku kafin ranar rufewa saboda wuta da intanet.